Fassarar rahoton kuɗin kamfani zuwa Faransanci: in mayar da naira sefa ko in bar ta?

Salamu alaikum Malam. Wani kamfanin hatsi a nan Zariya ya ba ni aikin fassara rahoton kuɗinsu na shekarar 2023 zuwa Faransanci, wai abokin hulɗarsu na Maraɗi zai kai wa bankinsa. Alhaji mai kamfanin ya ce in mayar da duk kuɗin zuwa sefa don su gane. Da wane farashi zan yi? Su kuma kwanan wata da buhuna da ke ciki ya zan yi da su?

Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka taɓa nairar nan tukuna. Rahoton da ke hannunka odita ya sa hannu a kai, kuma abin da ya sa wa hannu alƙaluman naira ne, to duk ranar da ka goge su ka zuba sefa a gurbinsu ka fito da wani rahoto daban wanda ba wanda ya duba shi, amma ga sunan odita da hatiminsa a ƙasa. In ma'aikacin bankin can ya san aikinsa tambayar farko da zai yi ita ce wa ya yi wannan canjin kuma da wane farashi, kai kuma ba ka da amsar da za ta kare ka. Aikinka shi ne ka sauya yadda ake rubuta lambar yadda mai karatu a Nijar zai karanta ta daidai, ƙimarta kuwa ta zauna yadda take. Maganar Alhaji tana da mafita, zan zo kanta, amma bari mu fara da rubutun lambar don a nan ne aka fi yin ɓarna ba tare da an lura ba.

Mu a Najeriya waƙafi muke sawa mu raba dubbai, ɗigo kuma ya raba naira da kobo, wato 1,250,000.50. Su masu Faransanci waƙafi shi ne yake yin aikin ɗigonmu, dubbai kuma giɓi suke bari, sai su rubuta 1 250 000,50. In lambar tana da tsawo haka mai karatu zai iya gane cewa rubutun Najeriya ne ya gyara a ransa. Inda matsalar take shi ne lamba mai waƙafi ɗaya tak da lambobi uku a bayansa. Ka ɗauka ribar kamfanin nan an rubuta ta 42,000, mutumin Maraɗi in ya gani 42 ya gani, arba'in da biyu kawai da sifiri uku na banza a baya. Haka in aka juyo, farashin sefa da yuro a daskare yake tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957 a rubutunmu, su kuma 655,957 suke rubutawa, ɗan Najeriya ya gani ya ɗauka dubu ɗari shida da hamsin da biyar ne. Don haka 42,000 ɗin ka rubuta shi 42 000, harajin kaya na 7.5% ya koma 7,5 % da giɓinsa kafin alamar.

Sai ka ɗaga ido ka duba saman teburin, yawancin rahoton da odita ya duba a ƙasar nan za ka ga ₦'000 a kan kowane jeri, ma'ana an yanke sifiri uku daga duk lambar da ke ƙasa. Kenan 42,000 ɗin nan naira miliyan 42 ne. Wannan 'yar alamar masu fassara suna yawan mantawa da ita saboda ba kalma ba ce, ido yana tsallake ta, wani lokacin ma in aka kwafo tebur daga PDF alamar nairar takan koma wani akwati ko harafin N zalla. Ka rubuta a fili a saman kowane tebur, ba a na farko kaɗai ba, "en milliers de nairas", ka ƙara NGN a gefe don shi ne sunan da bankuna suka san naira da shi. Sannan ka lura ba duka wurare ne ke cikin dubbai ba, bayanan da ke bayan rahoton inda ake maganar kuɗin odita ko ribar kowane hannun jari sau da yawa cikakkiyar naira ce ko ma kobo, in kobo ne ka ƙara 'yar magana a ƙasa cewa kobo 100 ne naira ɗaya don ba lallai su sani ba. In kuma wani wuri an rubuta biliyan da kalma, Faransancinsa "milliard" ne, kar ka rubuta "billion" don a wurinsu wannan tiriliyan ne, ka ninka kuɗin sau dubu kenan. Lambar da ke cikin baka biyu kamar (3,600) ragi ce ko asara, ka bar bakan yadda yake ka gyara cikin kawai ya zama (3 600).

Yadda za ka yi gyaran a kwamfuta shi ma akwai tsari. Kar ka ce wa Word ya canza duk waƙafi da duk ɗigo a takardar gaba ɗaya, zai lalata maka abubuwan da ba kuɗi ba ne, lambar bayani kamar 12.1, lambar rajistar kamfani, lambar asusun banki, lambar haraji, duk waɗannan suna ne ba adadi ba, ba a taɓa su. Tebur tebur za ka bi, kuma ka fara da mayar da waƙafin dubbai zuwa giɓi kafin ka mayar da ɗigo waƙafi, in ka fara da ɗigon to waƙafi biyu sun cakuɗe ba ka ƙara sanin wanne ne wanne. Giɓin ma ba na yau da kullum ba, ka danna Ctrl+Shift+Space don ka samu wanda baya barin lamba ta rabe, in ba haka ba sai ka ga 192 a ƙarshen layi 000 ya faɗo layi na gaba. In kuma da Excel aka ba ka teburan to ka huta, kar ka sake buga lamba ko ɗaya da hannu, ka je saitin Excel ɗin ka canza alamar raba dubbai da ta ɗigo su fito da kansu, ƙimar da ke ciki bata motsa ba. In kana zargin wata lamba ta koma rubutu zalla ka gwada ta da wannan:

```
=ISNUMBER(C14)
```

In ya ba ka FALSE to Excel baya ganinta a matsayin lamba, kuma jimillar da ke ƙasa ta tsallake ta shiru ba tare da ta yi maka gargaɗi ba.

To yanzu maganar sefa. Hanya biyu ce ake da ita a aikin akanta, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne musamman a 2023 ɗin da aka ba ka, shekarar da Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji a watan Yuni, dala ta fara shekarar a wajen naira 460 a farashin hukuma ta ƙare ta a kusan 900. Tunda sefa a jikin yuro take ɗaure ita ma haka ta yi wa naira tsalle. Bari in yi maka misali da lambobi masu sauƙin rabawa, ba farashin da za ka saka a aikinka ba ne, na zagaye su ne don lissafin ya fito fili. Mu ƙaddara sefa ɗaya naira 0.75 ce a farkon shekara, naira 1.50 a ranar 31 ga Disamba, matsakaicin shekarar kuma 1.05. Kamfanin ya shigo shekarar da dukiyar naira miliyan 150 bayan an cire basussuka, ya ci ribar miliyan 42, bai raba komai ba, ya rufe da miliyan 192.

Hanya ta farko ita ce ta ƙa'idar IAS 21, cikin ƙa'idojin akanta na duniya da ake kira IFRS, waɗanda Najeriya ta fara aiki da su a 2012. Ita ta ce kadarori da basussuka a canza su da farashin ranar rufe littafi, kuɗin shiga da kashewa kuma da farashin ranar da aka yi cinikin, ko matsakaici in farashin bai yi ta hawa da sauka sosai ba. In ka bi ta, dukiyar farkon shekara miliyan 150 a raba da 0.75 ta ba ka sefa miliyan 200. Riba miliyan 42 a raba da 1.05 ta ba ka sefa miliyan 40. Hankali zai ce a ƙarshen shekara a ga 240 ko? Amma miliyan 192 a raba da 1.50 sefa miliyan 128 ne kawai. Saura miliyan 112 fa? Ba wanda ya sace su, faɗuwar naira ce, miliyan 100 daga ciki a kan tsohuwar dukiyar ne wadda da 200 ce yanzu ta koma 100, miliyan 12 kuma a kan ribar ne wadda aka lissafa 40 amma a farashin rufewa 28 ce. Ƙa'idar ta ce wannan bambancin a buɗe masa layinsa daban a ɓangaren jarin masu kamfani, baya shiga cikin ribar shekara. Ka ga kenan sabon layi ya shigo rahoton wanda babu shi a na asali. Ga kuma shekara irin 2023 matsakaici guda ɗaya ma bai isa ba, sai an bi wata wata ko aƙalla a raba kafin Yuni da bayan Yuni, kuma kamfanin hatsi cinikinsa ba daidai yake a kowane wata ba, lokacin kaka daban lokacin bazara daban, dole sai an buɗe littafin ciniki. Wannan aikin akantan kamfani ne da odita, in shi bankin Maraɗin yake so to ka faɗa wa Alhaji gaskiya ya koma wurinsu, in sun gama su kawo maka ka fassara.

Hanya ta biyu ita ce a ganina ta dace da abin da Alhaji yake nufi, don shi so yake mutanen su gane girman kasuwancinsa ne kawai. Za ka bar jerin naira yadda yake, ka ƙara jeri ɗaya a gefe na sefa, ka raba kowace lamba da farashi guda ɗaya, na ranar rufe littafi. A misalinmu dukiya 192 000 ta zama 128 000, riba 42 000 ta zama 28 000, duka cikin dubbai. Tunda da abu ɗaya ka raba komai, teburin zai daidaita da kansa, ba wani bambanci da zai ɓullo, kuma duk wani kaso da ma'aikacin banki zai fitar, kamar riba a kan ciniki ko bashi a kan jari, zai fito daidai da na naira. Ita IAS 21 ɗin ma ta san da irin wannan, sharaɗinta shi ne a nuna a fili cewa ƙarin bayani ne ba ainihin rahoton ba, a faɗi kuɗin da aka nuna shi da shi, a faɗi kuɗin da kamfanin yake aiki da shi, a faɗi yadda aka yi canjin. To ka rubuta wannan a shafin farko da kuma ƙasan teburan, cewa jerin sefa don sauƙin mai karatu ne, odita bai duba shi ba, an yi shi a kan farashi kaza na rana kaza daga wuri kaza. Kuma ka sa akantan kamfanin ya amince da farashin a rubuce ko da saƙon waya ne ka ajiye.

Akwai wani tarko a nan, jerin bara. Rahoton yana da 2023 da 2022 gefe da gefe, wato bana da bara a wurinsa. In ka canza 2022 da farashin bara, 2023 da na bana, mai karatu zai ga 200 000 ta koma 128 000 alhali an ce masa an ci riba, kuma babu layin da ya bayyana masa dalili, sai ya ɗauka ko an wawure kuɗi ko rahoton ƙarya ne. In ka canza duka biyun da farashin bana zai ga 100 000 ta zama 128 000, wannan ya yi daidai da labarin da nairar ke bayarwa, sai dai 100 000 ɗin ba ita ce ƙimar dukiyar a sefa a bara ba. Ni abin da nake yi shi ne in sa sefa a shekarar rahoton kaɗai in bar bara da nairarta, ba wanda zai rikice. Kuma kar Alhaji ya ce a zaɓi wadda ta fi nuna kamfanin da kyau, ka ga dai ribar nan ɗaya ta fito 40 a wata hanya 28 a wata, ma'aikacin banki ya san wannan wasan sarai.

Farashin kuma daga ina? Ba daga 'yan canji ba, duk da na san Alhaji zai ce ai su ne suka san farashin gaskiya. Farashinsu ba shi da takardar da wani a Maraɗi zai je ya duba ya tabbatar. Ka fara duba bayanan rahoton kansa, in kamfanin yana da wata hulɗa da kuɗin waje odita yakan rubuta farashin da aka yi amfani da shi a ranar rufewa, in yana nan shi za ka bi don kar rahoto ɗaya ya zo da farashi biyu. In babu, ka ɗauki farashin yuro na Babban Bankin Najeriya na ranar aiki ta ƙarshe a shekarar, ka raba da 655.957, abin da ya fito shi ne nairar sefa ɗaya. Misali in yuro naira 984 ce, to sefa ɗaya 1.50 kenan. Ka lura 31 ga Disamba 2023 Lahadi ce, don haka farashin Juma'a 29 ga wata za ka samu, kuma ranar da ka ɗauka ita za ka rubuta. Kar ka yanke farashin zuwa lamba biyu bayan ɗigo kamar yadda na yi a misali, ka bar aƙalla huɗu, a kan miliyoyi 'yar yankewar nan kuɗi ce mai yawa. Sannan rabawa ake yi ba ninkawa ba, in ka ninka 192 000 da 1.50 za ka samu 288 000, hanyar ganewa kuwa mai sauƙi ce, in sefa ɗaya ta fi naira ɗaya to dole lambar sefa ta fi ta naira ƙanƙanta. Ka kuma rubuta XOF, don sefa iri biyu ce, ta su Nijar da Benin da Senegal wadda babban bankinsu BCEAO ke bugawa ita ce XOF, ta su Kamaru da Chadi XAF ce, ƙimarsu ɗaya a kan yuro amma ba kuɗi ɗaya ba ne. Ba a sa ɗigo a sefa, ka zagaye ta cikakkiya. Bayan zagayewar za ka ga wata jimillar ta bambanta da ɗaya in aka tara layukan, kar ka murɗa wata lamba don ta dace, ka canza jimillar daga jimillar naira kai tsaye ka rubuta a ƙasa cewa zagayewa na iya kawo ɗan bambanci.

Af, in Alhaji da mutumin Maraɗin za su tattauna lambobin nan a waya da Hausa ka ja masa kunne su riƙa faɗin adadi cikakke, don jikar Nijar sefa 1,000 ce, dalarsu kuma sefa 5, mu kuma tsofaffinmu in sun ce jaka naira 200 suke nufi.

Kwanan wata a aikinka da sauƙi, mu da Nijar duka rana muke farawa da ita sai wata sai shekara, 03/04/2024 uku ga Afrilu ne a Zariya da Maraɗi. Da Amurka za a kai ne da sun karanta shi huɗu ga Maris. Duk da haka ka rubuta sunan watan da kalma ko ina, kuma ka yi hattara da takardun da suka fito daga Excel ɗin da aka saita da tsarin Amurka, in ka ga irin 04/25/2024 a jerin to duk jerin juye yake tunda babu wata na 25, har waɗanda suka yi kama da daidai. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kar ka haɗa ranakun rahoton wuri ɗaya. Teburin kadarori na rana ɗaya ne, 31 ga Disamba, teburin riba na shekarar da ta ƙare a ranar ne, ranar da daraktoci da odita suka sa hannu kuma daban ce can cikin 2024, kowacce ta zauna a inda take. In kamfanin ba a Disamba yake rufe littafi ba ka fito da wannan ɓaro-ɓaro a shafin farko, don su a tsarin akanta na SYSCOHADA da suke bi shekarar lissafi Janairu zuwa Disamba ce, idonsu ya saba da haka. Kuma kar ka yi ƙoƙarin jera teburan su yi kama da na SYSCOHADA ɗin, ka bar su a tsarin da odita ya sa wa hannu.

Buhuna kuma, buhu ba ma'auni ba ne sai an faɗi nauyinsa. Na masara a Giwa ko Saminaka ana kiransa kilo 100, amma duk wanda ya taɓa ɗora shi a sikeli ya san wani ya wuce wani bai kai ba, na taki kuwa kilo 50 ne. In bayanin kayan sito ya ce masara buhu 3,200 a kan naira 30,000 kowanne, ka fassara shi buhu 3 200 ɗin, ka tambayi kamfanin nauyin da suke lissafi da shi, in sun tabbatar maka kilo 100 ne sai ka ƙara cewa daidai yake da tan 320. In ka canza yawan to dole farashin ma ya bi, naira 300,000 kowane tan, ka gwada ta hanya biyun, 3,200 sau 30,000 miliyan 96 ne, 320 sau 300,000 shi ma miliyan 96, in ba su haɗu ba akwai inda ka kauce. Tan ɗin ma ka nuna na kilo 1,000 ne, don na Amurkawa kilo 907 ne da 'yan kai. Haka fili, in an ce gonar kamfani eka 25 ce kar ka mayar da ita hekta 25, eka ɗaya hekta 0.4047 ce, gonar hekta 10.1 ce kenan, fuloti mai ƙafa 50 da 100 kuma murabba'in mita 464.5 ne. Asalin ma'aunin ya zauna a gaba don shi ne a takardar mallakar filin da bankin zai iya nema, na mita ya biyo bayansa.

Kafin ka miƙa aikin ka buga na asali da fassarar a takarda, ka samu wani ya riƙa karanto maka lambobin asali da ƙarfi kai kana bi a fassarar da biro, sannan ka ɗauki kalkuleta ka sake tara kowane tebur daga fassarar ba daga na asali ba. Jimillar kadarori ta yi daidai da basussuka haɗe da jari a jerin naira da na sefa duka, ribar da ke teburin riba ita ce a teburin sauyin jari, kuɗin da ke ƙarshen teburin shige da ficen kuɗi shi ne a teburin kadarori. In ka ci karo da kuskure a na asalin kansa, jimillar da bata tara ba ko lambar bayani da ke nuna wurin da ba shi ba, kar ka gyara a fassara, ka kwafe shi yadda yake ka rubuto wa akantan kamfanin jerin wuraren, su da odita ne za su yanke abin da za a yi. A shafin farko kuma ka sa cewa fassara ce daga Turanci, in an samu saɓani na Turancin ne abin dogaro, kuma a tura wa bankin duka biyun tare.